Sanarwar biki a Instagram: kada ado ya danne magana

Ranar ɗaurin aure, ko suna, ko saukar Alƙur'ani, mutum kan ɗora hoto mai kyau, sai ya lafta masa zukata goma da furanni da hashtag jere-jere. Mai karatu ya zo ya rasa ko auren wa aka ɗaura. A Instagram, layi biyu na farko kaɗai ake gani, kimanin haruffa 125, sauran sai an danna `more`. Wannan ɗan fili na labari ne: wane ne, me ya faru, yaushe. Duk emoji da ya zauna a nan ya ci gurbin kalma.

Mu ɗauki misali. A ce ƙanwarki A'isha ce ta auri Sa'idu, kina so ki sanar. Fara da magana cikakkiya: Alhamdulillah, yau an ɗaura auren ƙanwata A'isha da angonta Sa'idu, Allah Ya ba su zaman lafiya. Sai emoji ɗaya ko biyu a ƙarshen jimla, kada su raba ta tsakiya. Tun da addu'a kika rufe da ita, 🤲 ya dace, domin tafuka ne a buɗe kamar yadda muke roƙon Allah. Wanda aka fi yawan sawa, 🙏, tafuka ne a haɗe, kuma wasu na fahimtarsa a matsayin godiya ko roƙon alfarma. Idan kin ƙara 💍, ya wadatar.

Abin da ya fi ɓata sanarwa shi ne emoji da ya saɓa wa yanayin. Wayar kan kawo 🥂 ko 🍾 idan ana maganar murna, alhali kofunan giya ne da kwalbarta, ba su da gurbi a ƙarƙashin hoton walima. Haka kuma 😂 dariya ce har da hawaye, amma a ƙaramin allo mutane na ɗaukarsa kuka. Idan a sanarwar kin ambaci mahaifinku da bai ga wannan rana ba, kika sa shi bayan "Allah Ya jiƙansa", kin ɓata wa dangi rai ba da niyya ba. A irin wannan layi ni ina ganin a bar kalmomi su tsaya su kaɗai.

Akwai kuma waɗanda ba ma tunawa da su. Makaho da ke amfani da TalkBack ko VoiceOver, wayarsa karanta masa sunan emoji take yi da murya. Jerin alamomi daban-daban guda goma sha biyu na nufin zai saurari sunaye goma sha biyu kafin ya kai ga addu'ar. Mai tsohuwar waya kuma, sabon emoji kan fito masa a matsayin akwatin da babu komai a ciki.

Shi hashtag aikinsa daban. Chris Messina ne ya ba da shawararsa a Twitter a 2007 don a tattara maganganu kan batu guda, kuma har yau wannan ne amfaninsa. A biki, kamar anko yake: da shi ake gane hotunan taro ɗaya. Saboda haka guda ɗaya na musamman ya fi amfani, wanda za a rubuta a katin gayyata kowa ya yi amfani da shi. Irin su `#love` da `#wedding` kuwa, hoton ƙanwarki zai nutse cikin miliyoyi nan take.

A nan rubutun Hausa yana da tarko. Hashtag yana yankewa a duk inda ya ci karo da tazara ko alamar ɗauri. Idan kika rubuta `#A'ishaDaSa'idu`, abin da zai zama mahaɗi shi ne `#A` kawai, kuma za ki gane hakan domin sauran haruffan ba za su sauya launi ba. Sai a rubuta `#AishaDaSaidu2025`. Manyan haruffa a farkon kowace kalma ba sa sauya sakamakon bincike, amma suna sauƙaƙa karatu ga ido da kuma na'urar makafi. Haruffa masu lanƙwasa ma a kula da su, domin baƙi da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ a madannin wayarsu, wasu za su rubuta da lanƙwasa wasu babu, hotuna su watse gida biyu. A cikin jimla a rubuta Hausa daidai, a hashtag kuwa a zaɓi kalmomin da ba su da lanƙwasa. Kafin a buga kati, a bincika ko wasu ma'auratan sun riga sun ɗauki wannan suna.

Wurin zamansa can ƙasa ne, bayan an bar layi guda fanko, na bikin a gaba, sai ɗaya ko biyu idan akwai dalili. Amma fa idan shafinki a kulle yake, waɗanda ba mabiyanki ba ba za su ga hoton a ƙarƙashin hashtag ba. A WhatsApp Status kuwa ba ya tattara komai, don haka idan can za ki ɗora, cire shi gaba ɗaya.