Daga oda zuwa ƙofar gida: matakan da kaya ke bi

Mai sayen takalmi ta waya yakan ga kalma ɗaya a shafin odarsa, `pending`, wato ana jiran tabbatar da kuɗi. Bayan wannan kalma akwai doka da masu gina manhaja suka shimfiɗa: kowace oda tana mataki ɗaya tak a lokaci guda, kuma ba ta tsallake.

In kuɗi ya shiga, sai ta koma `paid`. In an miƙa wa ɗan aike, `shipped`. In ta isa hannun mai ita, `delivered`. Daga nan ƙofa ta rufe.

Wurin sokewa ne ake yin gumi. Shaguna da yawa suna yarda a koma `cancelled` daga matakai biyu na farko kawai, sai dai in an riga an biya, dole a mayar da kuɗi. Da zarar takalmin ya hau babur, magana ta zama ta dawo da kaya, wadda hanyarta daban ce.

To, in mai saye ya danna sokewa daidai lokacin da ma'aikaci ke danna turawa fa? Manhaja mai kyau tana sake duba matakin odar a daidai lokacin rubuta sabon, ta karɓi wanda ya riga, ta ƙi na biyun. In aka yi sakaci a nan, sai a mayar wa mutum kuɗinsa alhali takalmin na hanyar gidansa.