Takardar Hutun Jinya: Abin Da Ofis Ke Dubawa

Katin asibiti da rasitin magani ba sa wanke ma'aikacin da ya yi fashin aiki. Abin da ofis ke nema shi ne takardar likita mai rajista da hukumar likitoci ta kasa, a kan takarda mai dauke da sunan asibitin da adireshinsa.

A ciki a ga cikakken sunan majinyaci kamar yadda yake a fayil dinsa na aiki, sai sunan likita, sa hannunsa da hatimi. Amma inda aka fi samun matsala shi ne kwanan wata. Mutum ya kwanta da zazzabi ranar Litinin, bai je asibiti ba sai Alhamis, sannan ya roki likita ya mayar da kwanan wata baya. Likitan kirki ba zai yarda ba, domin abin da idonsa ya gani kawai zai shaida. Dole takarda ta nuna ranar da aka duba ka, ranar fara hutu da ranar komawa aiki.

Sunan cutar kuwa sirrinka ne. Galibi ya isa likita ya rubuta cewa ba za ka iya aiki ba. Kafin ka bar asibiti, karanta takardar da kyau, don wadda aka yi wa kankare ofis na iya kin karbarta.