Garin Ƙara Ƙwanji: Me Ke Cikin Gwangwanin?

A Madobi da Kura da Bunkure, saurayi ba ya rasa abin ɗagawa. Akwai buhun shinkafa, akwai kwandon tumatir lokacin noman rani, ga kuma gwangwanaye biyu da aka cika da siminti aka soka musu rodi a bayan gida. Abin da ya zo daga baya shi ne garin ƙara ƙwanji da ƙwayoyin ƙara jiki, waɗanda muke gani a tiren masu talla ranar kasuwa, ko a shagunan intanet da ke aiko da kaya daga Kano ko Legas. Hoton ƙato ne a jikin gwangwanin, ƙirji kamar faifai. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: abin da aka rubuta a waje, shi ne a ciki?

A ce ɗan aji biyar ne, shekararsa 16, nauyinsa kilo 52. Ya sayi gari a ƙulle a leda, mai sayarwa ya ce daga babban gwangwani ɗan waje aka ɗebo. Yana damawa safe da yamma. Bayan mako uku sai ya hau sikeli ya ga kilo 56. Kumatu sun cika, ci ya buɗe, abokai suna ta yaba kaya.

Mu yi lissafi. Wanda ya fara ɗaga ƙarfe, yana ci sosai yana barci sosai, tsokar da zai ƙara a wata ba ta cika wuce kilo ɗaya ba. To kilo huɗu a mako uku daga ina? Yawanci ruwa ne da kitse, kuma babban abin zargi shi ne deksametason, ƙwayar da ake yi wa laƙabi da "sha ka fashe". Magani ne na gaske, likitoci na ba da shi a asma mai tsanani da wasu cututtukan kumburi, na ɗan lokaci kuma bisa awo. Yana da arha, kuma idan aka daka shi cikin farin gari ba mai gane shi da ido. Wani lokaci a haɗa da siproheftadin, maganin ƙaiƙayi da ke buɗe ci yana kuma sa gyangyaɗi, irin wanda ke kama mutum tun a darasin farko.

Abin takaicin shi ne deksametason ba ya gina tsoka, cinye ta yake yi. Wanda ya daɗe yana sha, fuskarsa za ta yi zagaye, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, amma hannuwa da cinyoyi su sirance har tashi daga tsugune ya zama aiki. Fata kan tsattsage a ciki, sukarin jini ya hau, ƙashi ya yi rauni, ciwo ya daɗe bai warke ba. Kuma ba a daina shi farat ɗaya. Jiki yana da wasu ƙananan halittu a saman ƙoda da ke samar da irin wannan sinadari da kansu. In aka yi makonni ana ba su daga waje, sai su kwanta. Aka yanke kwatsam, mutum na iya galabaita, ya yi ta amai, jininsa ya faɗi, har ta kai ga rai. Likita ne ke rage shi kaɗan-kaɗan.

Akwai wani nau'in gurɓatawar da ya fi wannan yaudara, domin shi yana gina tsokar da gaske: sitiroyid mai kwaikwayon sinadarin maza. Wani ɗakin gwaji a birnin Kolon na Jamus ya taɓa sayen kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13, da tallafin kwamitin Olamfik na duniya. Sakamakon da aka buga a 2004 ya nuna 94 daga ciki, wato kusan ɗaya cikin bakwai, suna ɗauke da irin wannan sinadari ba tare da an rubuta ba. Waɗannan fa a rufe aka saye su, ba a leda ba.

Ga ɗan sakandare, haɗarin ya wuce na babba. A ƙarshen dogayen ƙasusuwanmu akwai guringuntsi, daga nan tsawo ke fitowa, kuma yakan rufe da kansa a ƙarshen balaga. Sitiroyid na iya rufe shi tun lokaci bai yi ba. Tsawon da aka rasa ta haka ba ya dawowa. Sai kuma ƙuraje a baya da ƙirji, nono ya kumbura wa namiji, maraina su ƙanƙance, ga saurin fushi.

Hanta ce ke tace duk abin da muka haɗiye, don haka ita ke fara jin jiki. A 2013, likitoci a Hawai ta Amurka suka lura da mutane masu jini a jika suna zuwa da ciwon hanta ba tare da ƙwayar cuta ba. Da aka bi sawu, sai aka gano suna shan OxyElite Pro, abin rage kitse da gina jiki, wanda aka sa masa sabon sinadarin da ba a tabbatar da amincinsa ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ƙirga mutum 97, uku sai da aka yi musu dashen hanta, ɗaya ya rasu. A nan gida, in ido ya yi ɗorawa mukan ce shawara ce, a nemo jiƙo. Ga mai shan irin wannan gari, idon da ya yi rawaya da fitsari mai duhu kamar shayi da tashin zuciya alama ce ta a tafi asibiti a ranar, a kuma tafi da gwangwanin ko ledar a nuna wa likita.

To ta yaya za mu gane? Duk abin da aka ɗebo a leda ya riga ya faɗi jarrabawa, domin ba suna, ba ranar lalacewa, ba wanda za a kama. Na gwangwani kuwa, a duba lambar rajistar NAFDAC, lambar rukunin da aka sarrafa, ranar yi da ranar lalacewa, da cikakken adireshin kamfani. Amma buga lamba ba wuya, shi ya sa hukumar ta fitar da manhajar Greenbook, inda ake shigar da lambar a ga ko sunan kayan da ya fito ya yi daidai da na hannu. A intanet, hoton da aka nuna ba lalle shi ne kayan da zai iso ba. In farashi ya yi rabin na kanti, a tuna cewa arha ba ta ado.

Akwai gwajin da muka sani daga darasin kimiyyar halittu. A dama garin da ruwa a ɗiga aidin. In an ce furotin ne zalla amma ya koma shuɗi mai duhu, to an cakuɗa shi da fulawa ko sitaci. Iyakarsa ke nan: aidin ba ya ganin deksametason ko sitiroyid, sai babban ɗakin gwaji.

Shi kuwa ɗalibinmu mai kilo 52, ko yana motsa jiki sosai, giram 80 na furotin a rana ya ishe shi. Ƙwai ɗaya na da kusan giram 6. Giram 100 na gyaɗa na da kusan 25, na busasshen wake ya haura 20, na waken suya da ake yin awara da shi ya haura 30. Ƙosai ko alale da safe, shinkafa da wake da rana, awara ko ƙuliƙuli da yamma, ƙwai biyu da kofin nono, lissafin ya kusa cika tun kafin a zo kan tuwon dare.