Kafin Mai Sabulu Ta Sa A Rubuta Mata Umarnin Hoto

A ce Hajiya na sayar da sabulun salo a Kano, tana son hoton talla daga manhajar ƙirƙirarriyar basira irin Midjourney.

Me za ta fara tanada kafin ta je wurin mai rubuta umarnin?

Ta ɗauki hoton sabulun da wayarta a hasken rana, gaba da gefe, ta faɗi launinsa da girmansa da irin mazubinsa. In ba haka ba, manhajar za ta zano farin sabulun kanti, mai saye kuma ya ce an yaudare shi.

Ina za a saka hoton?

Wurin ne ke yanke fasali. Matsayin WhatsApp na son hoto na tsaye, wanda a Midjourney ake nema da `--ar 9:16`. Takardar manna wa kwali kuwa, a auna ta da santimita tukuna.

Wa za a nuna a ciki?

Ta fayyace shekaru da launin fata da sutura: matashiya baƙa, da atamfa da mayafi, a tsakar gida. Abin da ba a faɗa ba, manhajar ce ke zaɓa.

Farashi da sunan shago fa?

A bar musu fili, a rubuta daga baya. Manhajojin nan kan gurɓata rubutu, balle haruffan ƙ da ɗ da ɓ.