Shekara Goma a Bayan Kanta: Abin da Mai Kanti Ke Faɗa Ranar Godiya da Abin da Yake Haɗiyewa

An idar da sallar La'asar. An yayyafa ruwa a ƙofar kanti don ƙura ta kwanta, an jera benci biyu, an shimfiɗa tabarmi, ga kular zoɓo a gefe. Mutumin da unguwa ta saba jin muryarsa yana cewa "me za a ba ka?" ko "wallahi babu canji", yau ya sa manyan kaya ya miƙe tsaye zai yi jawabi, domin kantinsa ya cika shekara goma.

Irin wannan taro ba al'ada ba ce da ta yaɗu tsakanin 'yan kasuwarmu. Da yawa sun fi son su yi sadaka a ɓoye, ko su sa a yi saukar Alƙur'ani, saboda tsoron baki da hassada. Amma wanda ya zaɓi ya tara mutane ya gode musu, ya ɗauki aiki mai wuya, don kowa a wurin ya san shi ciki da waje. Sun san ranar da mudunsa ya yi rowa, sun san ranar da ya rufa wa wani asiri. Saboda haka jawabin mai kanti lissafi ne, kamar wanda yake yi kowane dare bayan ya ja ƙofa: wa ke bina, wa nake bi, me ya rage. Bambancin kawai shi ne a wannan rana bashin alheri ake lissafawa.

Mu ɗauki misalin mai kantin kayan masarufi a wata unguwa cikin Kano, wanda ya buɗe a 2015, yana sarin kaya a Kasuwar Singa, yana da yara uku a kanti. Ga yadda jawabinsa zai tafi idan ya san abin da yake yi.

Tsakanin La'asar da Magariba lokaci gajere ne, kuma masu sayayya ba za su daina zuwa ba don ana taro. Minti biyar zuwa bakwai sun wadatar. Bayan bisimilla da salati, sai gaisuwa bisa girma: "Ranka ya daɗe" ga mai unguwa, "Allah gafarta Malam" ga liman, sannan dattawa. Daga nan sunan farko da ya kamata a ji shi ne na ubangidansa, wato wanda ya koya masa kasuwa ya kuma sallame shi da jari. Ko ya rasu, a ambace shi a yi masa addu'a. Mai kantin da ya tsallake ubangidansa ya fara da "na sha wahala, na gina kaina", dattawan da ke kan benci za su haɗa ido, kuma duk abin da ya faɗa daga baya ya zube. Su ma yaransa suna saurare, kuma yadda ya yi wa nasa maigidan haka za su yi masa gobe.

Sai godiya ga masu ciniki, kuma a nan ne akasari ake yin sakaci. Mutum ya ce "ina godiya ga dukkan kwastomomina masu albarka" ya wuce. Wannan magana kowa zai iya faɗinta a kowane kanti, don haka babu wanda take taɓawa. Godiyar da ke shiga zuciya ita ce wadda ta tuna wa mutane takamaiman ranar da aka sha wuya tare, kuma wanda ya yi kasuwa daga 2015 zuwa 2025 ba ya rasa irin waɗannan ranaku. A watan Agustan 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, shinkafar waje ta yi wuya, mutane suka koma 'yar gida suna ƙorafin tsakuwa. A watan Afrilun 2020 aka kulle Kano saboda korona, kullen ya shiga har cikin azumi. A farkon 2023 canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun jama'a. Ranar 29 ga Mayu na shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin ɗauko kaya daga Singa ya tashi, farashin komai ya bi shi.

Ba duka zai jero ba, kada jawabi ya koma labaran duniya. Ya ɗauki ɗaya ya tsaya a kanta. Misali lokacin ƙarancin kuɗi. Zai iya cewa: "Jama'a, kun tuna lokacin da mutum zai tsaya a nan da wayarsa, ya yi tiransifa, an cire masa kuɗi, ni kuma alat bai shigo ba. Na ba ku kaya bisa amana, na rubuta a littafi. Akwai waɗanda kuɗinsu ya koma musu bayan kwana uku, ban sani ba, suka tako da ƙafarsu suka ce mini, Alhaji, kuɗinka ya dawo wurina, ga shi. Wannan abu ban manta ba." Duk wanda ya yi hakan zai ji da shi ake, ba tare da an kira sunansa ba, wanda bai yi ba kuma zai sunkuyar da kai shi kaɗai.

Akwai kuma masu cinikin da ba sa wurin. Kaso mai yawa na cinikin kantin unguwa na matan gida ne, waɗanda ke aiko yara da kuɗi a dunƙule a hannu, a sayo magi na hamsin, gishiri, man gyaɗa rabin kwalba, omo ƙulli ɗaya. Wata ta shekara goma tana ciniki da shi, bai taɓa ganin fuskarta ba, sai dai ya san yaranta ɗaya bayan ɗaya. Mai kanti mai hankali zai ce wa maza: "Ku isar mini da gaisuwa ga iyayenmu da ƙannenmu na cikin gida," ya kuma ba yaran aike ɗan ƙullin sabulu ko sukari su kai ciki, su ma a ba su alewa. Kuskure ne a zuba yabo a kan mai sayen buhu a manta da mai sayen gwangwani. Mai buhu sau ɗaya yake zuwa a wata, kuma idan ya sami sauƙin naira 500 a wani wuri ya tafi. Mai gwangwani kullum tana nan, ita ke juya jarin.

Yanzu ga wuri mafi santsi, wato littafin bashi. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma a cikin mutum talatin da ke zaune, wataƙila goma suna da shafi a littafin. Ƙa'ida ita ce ba a kiran sunan mai bashi, ko da yabo ne. Idan ya ce "Malam wane bai taɓa wuce ƙarshen wata bai biya ba," ya tona cewa Malam wane da bashi yake ciyar da gidansa. Haka nan yafe bashi a bainar jama'a yana da illa biyu: wanda aka yafe wa ya ji kunya ya daina zuwa, wanda ke ƙoƙarin biya kuma ya ga kamar shi ne wawa. A ce tsohon bashin da ya tabbata ba zai dawo ba ya kai naira 180,000 a wuyan mutum bakwai, biyu sun rasu, ɗaya ya bar gari, huɗu ƙarfinsu ya ƙare. Kafin ranar taro ya bi su ɗaya-ɗaya, ko magadansu, ya ce ya yafe, ya ja layi a shafin a gabansu. A jawabi kuwa jimla ɗaya ta isa: "Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya cikin abokan cinikina, babu komai tsakanina da su, Allah ya jiƙansu." Adadin riba da girman jari su ma ba a faɗa. Ba a san wanda ke tsaye a bayan taro yana saurare ba.

Yaran kanti su ne akasin haka: su dole a kira su da suna, kowa da aikinsa. Wanda ke buɗe ƙofa bayan Asuba ya share, wanda ke bin mai Adaidaita Sahu zuwa Singa ya ƙirga katan-katan, wanda ke riƙe da na'urar POS da littafi. A haɗa da mai baro da maigadin layi. Idan za a yabi ɗaya da amana, a yi hattara, domin cewa "wane bai taɓa ɗaukar mini ko sisi ba" a gaban sauran biyun zargi ne a kansu. Gara a yabi kowa da abin da ya fi ƙwarewa a kai.

Sai dai yaro ba ya cin yabo. Babban yaron da ya shekara bakwai yana cewa "to, Maigida", abu ɗaya yake jira ya ji: sallama. Idan mai kanti ya shirya, wannan ce ranar da ta fi dacewa ya faɗa, gaban liman da mai unguwa da mahaifin yaron, da bayani ƙarara. Misali, kaya na naira 600,000, kuɗin hayar shago na shekara ɗaya, da alƙawarin kai shi wurin dilansa a Singa ya tsaya masa a riƙa ba shi kaya ya sayar ya kawo kuɗi. Wannan na ƙarshen sau da yawa ya fi jarin daraja, don a kasuwa suna ne ke ɗauko kaya. A kuma faɗi lokaci, a ce bayan ƙaramar salla ko farkon watan kaza. Idan bai shirya ba, ya kama bakinsa. "In sha Allahu nan gaba kaɗan za mu duba lamarinsa" magana ce da yaro ya san fassararta, kuma daga ranar zuciyarsa ta fara barin kantin. Alamar tana bayyana cikin 'yan makonni: makara da safe, yawan amsa waya a waje, lissafin dare da ya fara ƙin cika.

Kafin addu'a akwai neman afuwa, kuma shi ne abin da ya raba wannan jawabi da talla. Shekara goma ana awo da mudu da sikeli, ba a rasa ranar da aka tauye, ko aka ba yaro madarar da ta kusa lalacewa, ko aka ɗaga wa dattijo murya a kan canjin naira ashirin. Mai kanti ya ce: "Duk wanda na tauye wa haƙƙi, da sanina ko ba da sanina ba, ya yafe mini. Wanda kuma yake ganin yana bina wani abu, ya same ni bayan Isha'i, ƙofa a buɗe take." Ya juya ga yaransa ya faɗa musu haka su ma, domin su ne suka fi kowa shan faɗansa.

Daga nan ya zauna, ya bar wa liman addu'a. Ana shafawa za a fara raba zoɓo, ladan na gyara lasifika, kuma da wuya a tashi ba a ji wata 'yar yarinya ta kutso tsakanin manya da naira ɗari a hannu tana cewa, "Baba, wai in ji Umma a ba ni ashana da magi." Ya tattare hannun babbar rigarsa ya koma bayan kanta ya ba ta.