Tsakuwar matsarmama: yadda take samuwa, irin ciwonta, da lokacin da ake cire jakar

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci a Bogo, garin da ya yi suna da kasuwar shanu a kusa da Marwa, ya ga yadda yake lallaɓa wata 'yar koriyar jaka da ke manne a ƙarƙashin hanta, ya yanke ta a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Wannan ita ce matsarmama, wasu kuma su ce madaciya. Ɗan Adam ma yana da irinta a ɓangaren dama na cikinsa, ƙarƙashin haƙarƙari, kuma wani lokaci tsakuwa takan taru a cikinta. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, samun tsakuwar kaɗai ba ya wajabta tiyata. Irin ciwon da ta haddasa, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da alamun da suka biyo shi, su ne ke nuna wa likita ko a jira ko a cire jakar.

Yadda tsakuwar take samuwa

Hanta ce ke yin ruwan ɗacin nan, fiye da rabin lita kowace rana. Matsarmama rumbu ce kawai: tana tara ruwan, ta tsotse laimarsa har ya yi kauri, kuma abin da take ɗauka bai wuce cokalin cin abinci 3 ba. Idan mutum ya ci abu mai maiƙo, sai ta matse ta tura ruwan ta wani siririn bututu zuwa hanji, ya narkar da kitsen.

A cikin ruwan akwai wani nau'in kitse da ake kira kolastarol, wanda ba ya narkewa shi kaɗai sai da taimakon gishirin ɗaci. Idan kolastarol ya yi yawa, ko jakar ta yi nawar matsewa ruwan ya daɗe a kwance, sai ya fara zama tsaki-tsaki kamar sukarin da ya kwanta a gindin kofin shayi. A hankali, cikin watanni ko shekaru, tsakin ya dunƙule ya zama tsakuwa, daga mai girman ƙwayar gero har mai girman ƙwan kaza. Irin wannan ta fi kama mata, musamman masu yawan haihuwa, domin juna biyu yana ƙara kolastarol a ruwan ɗaci, yana kuma sa jakar nawa. Ƙiba, da ciwon suga, da ramewa cikin gaggawa, da shekaru daga 40 zuwa sama, duk suna ƙara haɗarin.

Akwai nau'i na biyu da ya shafi yankinmu ƙwarai, wato baƙar tsakuwar masu sikila. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya sukan yi kwana 120, amma na mai sikila sukan mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Launin da ke fita daga matattun ƙwayoyin hanta ce ke zuba shi cikin ruwan ɗaci, idan ya yi yawa sai ya daskare. Shi ya sa ake samun yaro ɗan makarantar firamare, siriri, da tsakuwa a matsarmamarsa. Saboda haka idan mai sikila yana yawan ciwon cikin dama, kada a riƙa cewa ciwonsa ne na kullum ya tashi ba tare da an yi hoton ciki ba.

Ciwon da ke tafiya da kansa

Mu ɗauki misali. Wata uwa ce a Bogo, shekarunta 42, 'ya'yanta 6. Daren Babbar Sallah ta ci soyayyen naman layya da kayan ciki. Bayan kamar awa ɗaya sai ciwo ya kama ta a saman ciki, ya karkata dama, ya ratsa baya har allon kafaɗar dama. Ba ya murɗawa ya saki, a tsaye yake da ƙarfinsa. Ta yi gumi, ta yi amai sau biyu, ta kasa samun kwanciyar da za ta ji sauƙi. Bayan awa 3 ya lafa, da safe ta tashi garau, babu zazzaɓi.

Abin da ya faru shi ne, jakar ta matse don tura ruwa, tsakuwa ta toshe bakinta, daga baya ta koma ciki hanya ta buɗe. Irin wannan ciwo yakan ɗauki daga minti 30 zuwa 'yan awanni, ba ya cika wuce awa 6. Sau da yawa ana ɗaukarsa olsa ne, mutum ya shekara yana shan maganin gyambon ciki. Bambancin shi ne, ciwon olsa raɗaɗi ne kamar ƙuna, yana da alaƙa da yunwa ko cin abinci kusan kullum, kuma maganin tsamin ciki yana kwantar da shi. Na tsakuwa kuwa yana zuwa ne kwatsam da ƙarfi, ya tafi, a yi makonni lafiya lau.

Abin da ya dace da wannan baiwar Allah shi ne hoton ciki, wanda a Kamaru ake kira ekografi, a Najeriya kuma sikanin. Za a ce ta zo ba ta ci komai ba na awa 6 zuwa 8, don jakar ta cika ta fito sosai. Wannan hoton yana gano kusan duk tsakuwar da ke cikin jakar, ya fi hoton ƙashi nesa ba kusa ba, domin yawancin irin wannan tsakuwa ba ta fitowa a hoton ƙashi.

Ciwon da ba a kwana da shi a gida

A ce bayan wata 4 ciwon ya dawo, amma wannan karon gari ya waye bai tafi ba, ga zazzaɓi. Tsakuwar ta maƙale ke nan, jakar ta kumbura, ƙwayoyin cuta na iya shiga. Likita zai danna ƙasan haƙarƙarin dama ya ce ta ja dogon numfashi, sai ta katse numfashin saboda zafi. Wannan kumburin matsarmama ne, kuma kwanciyar asibiti yake buƙata: ƙarin ruwa, maganin ciwo, maganin kashe ƙwayoyin cuta, sannan tiyata. Idan aka yi sakaci jakar na iya cika da mugunya, ko ta ruɓe ta fashe. Tsofaffi da masu ciwon suga sun fi shiga haɗari, domin ciwon nasu yana iya zama kaɗan alhali ɓarnar ta yi nisa.

Hali na gaba shi ne idan ƙaramar tsakuwa ta fice daga jakar ta toshe babban bututun da ke kai ruwan ɗaci hanji. Ruwan sai ya koma cikin jini: ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari-fari, jiki ya riƙa ƙaiƙayi. A nan mutane da yawa sukan ce shawara ce, su koma kan jiƙo. Gaskiya ne ciwon hanta da zazzaɓin cizon sauro ma suna sa ido rawaya, kuma dukansu suna da yawa a arewacin Kamaru, amma gwajin jini da hoto ne ke rarrabe su, jiƙo kuwa ba ya buɗe toshiya. Idan ciwon dama, da rawayar ido, da zazzaɓi mai karkarwa suka haɗu, bututun ya kamu da cuta ke nan. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya bayyana haɗuwar waɗannan alamu 3 tun 1877. Wannan hali yana iya kisa cikin ƙanƙanin lokaci idan ba a buɗe hanyar ba.

Haka kuma tsakuwar na iya tsayawa a ƙarshen bututun, inda ya haɗu da na fankiriyas, gaɓar da ke yin insulin. Sai gaɓar ta kumbura, a ji azababben ciwo a tsakiyar saman ciki yana ratsawa baya, da amai ba ƙaƙƙautawa. Abin mamaki, ƙananan tsakuwoyi sun fi manya jawo waɗannan matsaloli biyu, domin su ne ke iya shiga bututu.

To, mutumin Bogo ya riƙe wannan: ciwon da ya wuce awa 6, ko zazzaɓi, ko rawayar ido, ko aman da ya ƙi tsayawa, a tafi asibiti nan take, kuma a shirya wa yiwuwar a tura mara lafiya babban asibitin Marwa ko Garwa, inda ake manyan tiyata. Dattijon da ciwon ya haɗa masa da ƙirji da ƙarancin numfashi, a duba zuciyarsa ma.

Yaushe ake cirewa?

Kusan kashi 80 cikin 100 na masu tsakuwar ba sa jin komai. Sau da yawa a wurin awon ciki ko binciken wata cuta ake ganin ta. Irin waɗannan ba a yi musu tiyata, domin a cikin mutum 100 'yan kaɗan ne, kamar 2, ciwo zai fara kamawa a shekara. Ana keɓe wasu: wanda tsakuwarsa ta haura santimita 3, ko bangon jakarsa ya ƙandare, ko aka ga tsiro mai kai santimita 1 a ciki, saboda tsoron ciwon daji. Mai sikila ma likitoci sukan duba lamarinsa daban.

Amma da zarar ciwo na gaskiya ya zo, kamar na daren Sallar nan, lissafi ya canza. Fiye da rabin irin waɗannan za su sake jinsa cikin shekara 2, kuma wani zuwan na iya zama mai haɗari. Shi ya sa ake ba da shawarar a sa rana a cire cikin natsuwa. Idan kumburi ne, an fi son a yi aikin cikin kwanakin farko, kafin mako ya cika. Idan an makara, wani lokaci akan kwantar da shi da magani a dawo bayan kamar mako 6. Wanda tsakuwa ta toshe wa bututu ko ta kumbura masa fankiriyas, ana share hanyar sannan a cire jakar ba da jinkiri ba. Mai juna biyu da ciwo ya matsa mata, tsakiyar cikin, daga wata na 4 zuwa na 6, ya fi dacewa da aikin. Mai sikila kuwa sai an shirya shi da ruwa da iskar numfashi, sau da yawa har da ƙarin jini.

Mutane sukan tambaya, me ya sa ba za a kwashe tsakuwar a bar jakar ba? Domin jakar da ta yi tsakuwa za ta sake yi. Carl Langenbuch ne ya fara cire ta a Berlin a 1882, kuma daga 1985 aka fara yin aikin da kyamara ta ƙananan ƙofofi 3 ko 4. Da kyamara akan koma gida cikin kwana 1 ko 2, aikin yanka kuwa yakan ɗauki kwanaki a asibiti da makonni ana murmurewa, amma dukansu suna kawar da matsalar. Haɗarin da aka fi tsoro shi ne raunata babban bututun, abin da ke faruwa ga 'yan kaɗan a cikin 1,000. Zazzaɓi, rawayar ido ko kumburin ciki bayan aiki na nufin a koma asibiti da gaggawa.

Bayan an cire, hanta tana ci gaba da aikinta, ruwan yana gangarawa hanji kai tsaye. Wasu sukan yi sakin ciki bayan cin maiƙo na ɗan lokaci, yawanci kuma su koma cin abincinsu, su yi azumi, mata su haihu.

Rage maiƙo yana rage tashin ciwo kafin ranar aiki, amma ba ya narkar da tsakuwa. Maganin narkarwa na asibiti yana aiki ne kan ƙananan tsakuwoyin kolastarol kawai, ana shan sa watanni da yawa, kuma sukan dawo. Shan man zaitun da lemun tsami don "wanke" jakar kuwa, korayen dunƙulen da ke fita a bayan gida man ne ya daskare a hanji, tsakuwar tana nan inda take, kuma man da aka sha yana iya tayar da ciwon a daren.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.