Yadda Arduino ke tabbatar da cewa an danna maɓalli

Ɗauki allon Arduino Uno, ka haɗa ƙafa ɗaya ta maɓallin dannawa da ramin da aka rubuta wa lamba 2, ɗaya ƙafar kuma da GND, sannan ka umarci allon ya kunna fitila duk lokacin da aka danna. Idan ka danna, fitila za ta kama. Matsalar tana bayyana ne bayan ka ɗaga yatsa: fitilar ta riƙa kyaftawa yadda ta ga dama, ko ta kama da zarar ka kai hannu kusa da waya. Masu koyo da yawa kan ɗauka allon ne jabu, alhali lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne an bar ƙafar a sake, ba abin da ya riƙe ta.

Ƙwaƙwalwar wannan allo wani ɗan guntun cif ne mai suna ATmega328P, yana aiki da bolt 5. Kowace ƙafarsa ta aikin gama-gari tana iya fitar da wuta, tana kuma iya saurare, gwargwadon yadda aka saita ta. Idan tana saurare, amsa biyu kaɗai ta sani. Ƙarfin wutar da ya kai bolt 3 zuwa sama, `HIGH` ne. Wanda bai wuce bolt 1.5 ba, `LOW` ne. Abin da ya faɗo tsakani kuwa, kamfanin da ya ƙera cif ɗin bai yi alkawarin komai a kansa ba.

Ƙafa mai saurare kusan ba ta shan wuta ko kaɗan. Wannan ne ya sa ɗan cajin da bai taka kara ya karya ba yake iya ɗaga ta ko ya sauke ta. Lokacin da aka danna maɓalli, ƙafar tana manne da GND, don haka amsarta tabbatacciya ce. Da an sake shi, wayar ta zama eriya, tana kwasar duk abin da ke yawo a ɗakin, daga girgizar wutar gida mai juyawa sau 50 a daƙiƙa har zuwa cajin da ke jikin mutum.

Maganin shi ne a sa resista tsakanin ƙafar da bolt 5. Aikinta kamar na sifirin ɗin ƙofar shago ne: idan ba wanda ya tura, ƙofa tana rufe, idan aka tura kuma ba ya hana ta buɗewa. Muddin maɓalli na sake, resistar tana jan ƙafar sama, a karanta `HIGH`. Da an danna, hanyar GND ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ƙafar ta sauka sifiri, a karanta `LOW`. Me zai hana a yi amfani da waya kawai a madadin resistar? Domin dannawar farko za ta haɗa bolt 5 da GND kai tsaye, wato shot, allon ya ɗauke ko wani abu ya ƙone. Resista mai om 10,000, wadda aka fi amfani da ita, rabin miliamfa kaɗai take bari ya wuce idan an danna: bolt 5 raba 10,000.

Abin daɗin shi ne ba lallai ka sayi resistar ba. Akwai ta a cikin cif ɗin a bayan kowace ƙafa, girmanta tsakanin om 20,000 zuwa 50,000, tana jiran a kunna ta. Kalma ɗaya ce ke kunna ta: maimakon `INPUT`, a rubuta `INPUT_PULLUP`. Sai dai a riƙa tunawa cewa lissafin ya juya. Dannawa ita ce `LOW`, sakewa ita ce `HIGH`. Wanda ya manta da haka zai ga fitilarsa a kunne kullum, tana mutuwa ne kawai idan ya danna.

Da wannan an gama da matsala ɗaya, saura ta biyu. Mu ce tela yana son na'urar da za ta ƙirga rigunan da aka gama, dannawa ɗaya riga ɗaya. Ya danna sau ɗaya, lissafi ya tsallake daga 4 zuwa 7. A cikin maɓalli akwai ƙarafa biyu ƙanana, kuma ba sa haɗuwa lokaci guda su zauna. Sukan taɓa juna su rabu, su sake taɓawa, na tsawon 'yan milisakan, kafin su natsu. Yatsa ba ya jin haka, amma cif mai bugun miliyan 16 a daƙiƙa yana ganin kowace taɓawa a matsayin sabuwar dannawa. Resista ba ta maganin wannan. Abin da ake yi shi ne, idan an ga canji a ɗan dakata, a sake dubawa, sannan a yarda.

```
int baya = HIGH;
int jimla = 0;

void setup() {
  pinMode(2, INPUT_PULLUP);
  Serial.begin(9600);
}

void loop() {
  if (digitalRead(2) != baya) {
    delay(30);
    int yanzu = digitalRead(2);
    if (baya == HIGH && yanzu == LOW) {
      jimla++;
      Serial.println(jimla);
    }
    baya = yanzu;
  }
}
```

Dubi abin da ke faruwa a nan. `baya` tana riƙe da halin da aka bar maɓallin a ciki. Idan karatun yanzu ya saɓa da ita, allon zai jira milisakan 30, lokacin da ya ishi yawancin ƙananan maɓallai su daina rawa, sannan ya sake karantawa. Ba ya ƙara lissafi sai an tashi daga `HIGH` an koma `LOW`, saboda haka ko tela ya ɗora yatsa ya manta da shi a kai, riga ɗaya za a ƙirga. Idan aka tsawaita jiran ya yi yawa, a ce rabin daƙiƙa, mai saurin hannu zai danna sau biyu a ƙirga ɗaya. Kuma `delay` tana tsayar da komai yayin jira. Na'urar da ke da wasu ayyukan a lokaci guda gara ta auna lokacin da `millis()`.

Idan har yanzu abin ya ƙi, mita za ta faɗi gaskiya. Ɗora baƙar wayarta a GND, ja kuma a ƙafa ta 2. Ya kamata ka ga kusan bolt 5 idan an sake, sifiri idan an danna. Lambar da ke yawo sama da ƙasa na nufin ba a kunna resistar ba. Sifirin da ba ya motsi ko an danna ko ba a danna ba, yawanci laifin haɗin maɓalli ne: ƙaramin maɓalli mai ƙafa huɗu, ƙafafunsa haɗe suke bibbiyu daga ciki, kuma mutum kan kama biyun da dama can a haɗe suke. Zaɓi ƙafa biyu da ke kusurwoyi masu kallon juna a karkace, ba za ka yi kuskure ba. Ka kuma tabbata ba a saita ƙafar a `OUTPUT` ba, domin idan tana fitar da bolt 5 aka danna, ita kanta za ta iya lalacewa.

Resistar cikin cif tana da iyaka. Janta ba shi da ƙarfi sosai, don haka idan maɓallin yana bakin ƙofa, wayar ta yi tsawo ta bi ta kusa da injin ɗinki ko famfon ruwa, hayaniyar wutarsu za ta iya rinjayarta, lissafi ya ƙaru ba wanda ya danna. A nan sai a ƙara resista ta waje mai om 4,700 daga ƙafar zuwa 5V, wadda ke jan kusan miliamfa ɗaya idan an danna, a kuma murɗe wayoyin maɓallin biyu tare. Wanda ya koma kan allon ESP32 kuma ya kula da abu biyu: bolt 3.3 yake aiki da shi, don haka can za a ja ƙafar, sannan ƙafafunsa masu lamba 34 zuwa 39 ba su da resistar ciki sam. Ko an rubuta musu `INPUT_PULLUP`, a sake za su zauna sai an sa ta waje.